"To." da Aya a Ƙarshe

Saƙon da ya kusa raba ni da mutumin da Gwaggo ta haɗa ni da shi harafi biyu ne da ɗigo ɗaya. Ga shi kamar yadda ya shigo salulata da ƙarfe goma saura na dare: "To."

Ni mai gabatar da shiri ce a wani gidan rediyo a Damagaram, kuma da murya nake cin abinci. Kowane maraice masu saurare suna aiko saƙonni ina karantawa, kuma tun shekarar farko na gane cewa karanta saƙon wani ya fi ƙarfin furta haruffa. Sai na zaɓa masa murya. Idan mutum ya rubuto "kun kyauta", zan iya karanta shi godiya, zan iya karanta shi gatse, haruffan ba su canja ba. Rubutun bokonmu ma ya ƙara wa abin wuya, domin ba ma sa alamar karin sauti ko ta tsawon wasali. "Ka zo" na umurni da "ka zo" na wanda ya riga ya iso, a takarda iri ɗaya ne, a baki ne suke rabuwa. Shi ya sa kafin in shiga ɗakin watsa shiri nakan bi takardata da biro, in ja layi ƙarƙashin kalmar da zan danna, in sa sanda a inda zan numfasa. Duk wannan na san shi. Ranar da abin ya zo kaina bai amfane ni da komai ba.

Mutumin ma'aikacin jinya ne a wani ƙaramin asibitin ƙauye a jihar Tawa. Matarsa ta rasu, ni kuma aurena na fari ya mutu shekara huɗu da suka wuce. Sau ɗaya muka ga juna, a zauren Gwaggo, bai fi rabin awa ba, rabinsa kuma gaisuwa ce. Daga nan sai WhatsApp, domin tsakaninmu tafiyar yini ce, kuma rezo a ƙauyensu sai ya ga dama. Wato ban san muryarsa ba. Ban san yadda yake dariya ba, ban san ko mai jan magana ne ko mai yanke ta ba. Wanda kika daɗe da shi, idan ya rubuto, kunnenki ne yake karantawa, muryarsa tana nan a ajiye. Sabon mutum ba shi da ajiya a wurinki, sai ki ara masa wata, kuma wadda ta fi kusa da hannu ita ce ta abin da kike tsoro.

Abin da nake tsoro sananne ne. Aikin rediyo na cikin abubuwan da suka kashe aurena na farko, shirin da ke ƙarewa ƙarfe tara na dare, da mazan da ke kira suna cewa suna son muryata. Don haka a mako na uku na zauna na rubuta masa komai: ba zan bar aiki ba, ga lokacin da nake dawowa gida, ga dalilina, in abin bai yi masa ba gara mu sani tun yanzu ba tare da ɓacin rai ba. Na gyara saƙon sau uku. Da na ƙirga daga baya, layi goma sha bakwai ne. Alamun nan biyu suka koma shuɗi, ya karanta ke nan. Minti arba'in babu komai, sannan "To."

"To" nawa ne a bakin Bahaushe? Akwai ta amincewa, gajera mai sauka. Akwai "tooo" mai ja, ta wanda ya ji abin mamaki. Akwai ta tambaya, wadda ke nufin sai kuma me. Akwai wadda uwa take yi idan ta gaji da gardamar ɗa, mai nufin je ka ka gani. Ni wannan ta ƙarshe na ji, kuma ɗigon nan ne ya sa na ji ta. A takarda aya ba ta da laifi, aikinta ta nuna jimla ta ƙare. Amma a hirar salula kumfar saƙon kanta ta riga ta nuna an gama, don haka yawancinmu ba ma sa aya a ƙarshen gajeren saƙo. Idan kuwa ta bayyana, ido yakan nemi dalili, sai ta zama kamar ƙofar da aka ja da ɗan ƙarfi. Har an gwada wannan. A Jami'ar Binghamton ta Amurka, Celia Klin da abokan aikinta sun nuna wa ɗalibai 126 gajerun amsoshi na kalma ɗaya, wasu da aya wasu babu, sai ɗaliban suka ɗauki masu ayar a matsayin waɗanda ba su kai zuci ba. Da aka nuna amsoshin a rubutun hannu, bambancin bai fito ba. Ɗaliban Amurka ne, kuma da Ingilishi aka yi, amma na ga kaina a ciki sarai.

Ɗigon kaɗai da bai isa ba, sai da tsawon saƙon ya taya shi. Mu mutane ne masu auna gaisuwa. Wanda ka tambaya gida da aiki da gajiya ya amsa maka da "lafiya" guda ɗaya ya wuce, ka san akwai magana. Haka ido yake yi wa allon salula, kafin ya karanta ya riga ya auna: ga tulin rubutuna a dama, ga ɗan ƙwayar nasa a hagu. Na ba da kwano, an maido mini da cokali.

Sai na rama. Washegari ya rubuto, "Malama ina kwana. Ya aiki." Na ce "Lafiya." da tawa ayar, wadda na sa da gangan. Ya aiko 👍. A wurina wannan babban yatsan ya fi "To." ciwo, domin shi nake aika wa mai gyaran na'ura idan ya ce ya gama. Kwana uku muka yi a haka, saƙo yana ƙara gajarta kamar kyandir. A na huɗu ya rubuto cewa ya karanta dogon saƙona sau uku. Na ji sanyi a raina, na ga kamar ƙofa ta buɗe, na so in nuna masa wasa ya dawo, sai na aika 😂😂. Daga nan ya yi shiru gaba ɗaya, kwana biyu.

Gwaggo ce ta kira ni. Ba ta karatun boko, salularta ta kira ce kawai. Ta ce, "Ke 'yar nan, me kika yi wa bawan Allah? Ya ce ya faɗa miki magana ta cikinsa kin yi masa dariya har da hawaye." Na ce, "Gwaggo, shi fa ya fara, na rubuta masa rayuwata ya ce mini to." Ta ce, "To me kike so ya ce? Ba to ake cewa in an yarda ba?" Na buɗe baki in yi mata bayanin aya, sai na ji yadda zancen zai fito, na yi shiru.

Da daddare na kira shi, rezo ya yi mana kirki na minti ashirin. A nan na ji yadda abin ya kasance daga ɓangarensa. Lokacin da saƙona ya shigo yana kan ɗinke wa wani yaro ƙafa, ya leƙa, ya ajiye. Da ya gama ya sake karantawa, kuma tsawon saƙon ya tsorata shi. Ni na yi shi dogo don girmamawa, shi kuwa ya gan shi kamar takardar gargaɗi, abin da aka shirya aka tsara, mai jiran sa hannu. Ya fara amsa mai tsawo ya goge, yana tsoron kada ya yi kuskure a gaban wadda magana ce sana'arta. Sai ya zaɓi kalmar da ba za a iya yi mata mummunar fassara ba, a ganinsa. Ayar kuwa, ya ce shi bai ma san yana sa ta ba. Yini yake yana cika rajista da rahoto da Faransanci, hannunsa ya saba rufe kowace jimla. Na koma sama na duba hirarmu tun daga farko: "Ina kwana." "Na gode." "Allah ya kai mu." Ko'ina aya, har a ranakun da na tabbata yana cikin farin ciki. Shaidar tana hannuna tun mako uku, ban duba ba. Da na gwada saƙon da sauran saƙonninsa maimakon in gwada shi da nawa, da na ga babu abin da ya canja a ranar.

Na ce masa ya faɗi "to" ɗin da baki in ji. Ya yi dariya, karo na farko da na ji dariyarsa, ya faɗa. Ta amincewa ce, mai taushi, har da ɗan numfashi a gaba.

Game da fuskar dariya, laifin nawa ne, kuma na fi jin kunyarsa, domin ni ce mai taƙamar sanin sauti. A cikin ƙawayena 😂 ta daina nufin dariya tun tuni, ta zama kamar murmushin da ake yi a tsakiyar hira don a nuna babu komai. Shi kuwa yana karanta hoton yadda aka zana shi: fuska tana ƙyaƙyatawa har hawaye na zuba. Mutum ya ce ya karanta maganarki sau uku, wato ta hana shi barci, ki amsa masa da wannan. An ƙirƙiro waɗannan alamomi ne don su maido da abin da rubutu ya zubar. Tun 1982 Scott Fahlman ya ba da shawarar a riƙa sa :-) don a gane wasa ake yi. Amma alamar tana aiki ne idan ku biyu kun yarda da ma'anarta, kuma mutanen da aka haɗa jiya ba su yi wannan yarjejeniya ba tukuna. Babban yatsan da ya ƙona ni, a wurinsa cewa yake yi madalla da kina lafiya.

Ban ce murya ta warware komai ba. Saƙon murya yana da nasa nauyi: a ƙauyensu yakan yi awa bai sauka ba, kuma shi ba ya son yin magana cikin salula a gaban marasa lafiya. Ni ma na lura idan na danna maɓallin ɗauka sai muryar aiki ta fito, mai santsi, wadda ba tawa ba ce ta gida, har ya taɓa tambayata ko karantawa nake yi. Abin da muka tsayar ƙarami ne. Magana mai nauyi ba ta shiga rubutu, sai a rubuta "akwai magana, yaushe zan kira", a jira rezo. Ni na rage tsawon saƙo, shi ya ƙara kalma biyu ko uku a kan "to" ɗinsa.

Ayar dai ba ta tafi ba. Jiya ya rubuto cewa yayyensa za su zo Damagaram ganin Baffa bayan salla, ya rufe da "In sha Allah." da ɗigonsa a ƙarshe. Na rubuta 😂, na tsaya na dube ta, na goge, na rubuta "Allah ya kawo su lafiya".