Makaranta na karɓar sefa, gida na aiko naira

Idan kana da ɗa ko ƙane da ke karatu a Maraɗi ko Damagaram, akwai tambayar da nake roƙon ka sauya. Ka daina cewa "naira nawa za a turo maka?" Ka riƙa cewa "jika nawa kake buƙata a wannan watan?" Ni ɗan Ɓaɓura ne, ina karatu a Maraɗi, kuma a kan wannan tambayar cin abincina na wata yake ratayawa.

A Nijar jika ɗaya sefa 1,000 ce, dala kuwa sefa 5. Saboda haka in yaronka ya ce ya sayi abu dala ɗari, kada gabanka ya faɗi, ba ta Amurka yake nufi ba, sefa 500 ce.

Ga yadda lissafin wata yake a littafina. Kuɗin makaranta jika 600 ne a shekara, na raba shi wata goma, ya zama jika 60. Hayar ɗaki jika 15, abinci jika 30, sufuri da katin waya da buga takardu jika 15. Jimla jika 120. Mu ɗauka ana canza jika a kan naira 2,500, ka ga Baba zai turo naira 300,000 komai ya daidaita. To, a ce wata mai zuwa jika ta koma 2,700, shi kuma ya turo abin da ya saba turowa. Abin da zai shigo hannuna jika 111 ne da 'yan kai.

Za ka ce ai jika tara ba ta kai a ɗaga hankali ba. Amma duba inda giɓin yake faɗawa. Makaranta ba ta rage ko dala, mai gida ma haka, kuma dole in je aji. Abinci kaɗai ake iya taɓawa, sai jika 30 ta koma 21, wato kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi. A gida an san an turo kuɗi cif, yaro kuma kunya ta hana shi magana. Alamar da za ka gane ita ce ya fara neman ɗan ƙari tun ranar ashirin ga wata, ko ka ji ana bin sa bashi a shago. Kafin ka zarge shi da almubazzaranci, tambayi farashin ranar da ya yi canji.

Kana iya sanin wannan farashin daga Kazaure ko Roni ba sai ka zo ba. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ya motsi. Ka nemi farashin yuro a naira ka raba da 656. In yuro naira 1,640 ne, sefa ɗaya naira biyu da rabi ke nan, jika 2,500. Ɗan canji zai ɗora ribarsa, amma in ya yi nisa da wannan, a gwada wani.

Mun ga abin da canji ke yi. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira ga kasuwa, dalar Amurka ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma, ta kai wajen 1,500 a Fabrairun 2024. Makarantu a Nijar ba sai sun ƙara ko sisi ba, nauyin ya ninka a kan iyaye. A tsakanin nan kuma aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, har gero da wake da ake aiko mana daga gida suka yi wuyar isowa.

Kuɗin gidanmu na kaka ne, kamar na gidaje da yawa a Gwiwa da Ɓaɓura, sai an sayar da riɗi da gyaɗa. Abin da muka tsayar da Baba shi ne, da zarar kuɗin sun shigo a mayar da na makaranta sefa a biya, a karɓi rasit. Abin da aka biya canji ba ya sake taɓa shi. Sai dai ba ma canza na shekara gaba ɗaya a rana guda, don naira takan farfaɗo, kamar yadda ta yi a Afrilun 2024, wanda ya saya da tsada a Fabrairu ya ji a jikinsa. Mukan raba shi biyu ko uku.

Na abinci da haya kuwa, ranar ashirin da biyar nakan aika wa yayana adadin jika da farashin ranar, ya lissafa, ya ɗora kashi goma cikin ɗari. Watan da canji bai motsa ba, rarar jika 12 nakan ajiye ta a sefa, ita ce ke cike tukunya a watan da ya motsa.