Kana kallon wasa kai tsaye, amma kai ne na ƙarshe da labari ke isa wa

Jama'a, masu cacar ƙwallo sun cika ƙorafin cewa kamfani na rufe musu kasuwa ana tsakiyar wasa, ko ya ƙi karɓar tikiti. Wasu na cewa netwok ne, wasu na cewa zalunci ne. Ni a ganina tsere ne, kuma an riga ka tashi tun ba a busa usur ba.

Kamfanonin caca ba a talabijin suke kallon wasa ba. Suna sayen bayanai ne daga irin su Sportradar da Genius Sports, waɗanda ke da mutum zaune a cikin filin wasa yana danna duk abin da ya faru: kwana, jan kati, fenariti. Cikin sakan ɗaya ko biyu saƙon ya isa. Hoton dish na gidan kallo yakan makara da 'yan sakanni, na waya kuwa sakan 30 har zuwa minti guda. Shi ya sa kake jin ihun maƙwabta alhali a wayarka ba a ma buga kwanar ba.

Mu ƙaddara minti na 70 ne, babu ci, od ɗin masu gida 3.00. Ka sa naira 1,000, kana hangen 3,000. A fili an riga an kayar da ɗan gaba, alƙalin wasa ya nuna fenariti. Kusan uku cikin huɗu na fenariti shiga suke yi, don haka od ɗin ya kamata ya faɗo wajen 1.40. Nan take kamfani ya kulle, ka ga "Suspended" a allo, kai kuma a wayarka ƙwallo tana tsakiyar fili. Ba tsafi ba ne malam, abin da ya riga ya wuce kake kallo.

Ko kasuwa na buɗe, tikitinka ba ya shiga nan take. Da gangan suke riƙe shi na wasu sakanni, galibi 5 zuwa 8 a ƙwallon ƙafa. In od ya motsa ko aka kulle a wannan tsakanin, sai a dawo maka da shi. In kuma ka kunna "Accept odds changes", zai iya shiga a sabon farashi, 3,000 ɗinka ta koma 1,400. Ko da ya zille ya shiga bayan ƙwallo ta faɗa raga, yawancin ƙa'idojinsu sun ba su damar soke shi. In aka je duba VAR kuwa, kullewar kan kai mintuna.

Wannan jinkirin don masu zama a fili suna riga kamfani aka yi shi. A 2014 an kama wani ɗan Birtaniya a gasar tanis ta Australian Open kan zargin tura maki daga cikin fili.

Kana son sanin makararka? Buɗe agogon wasa na manhajar cacar, ka kwatanta da wanda ke kan hotonka, ka ƙirga sakannin da ke tsakani.