Fumfuna a jaka da takalmi bayan damina

Jama'a, wannan ne lokacin da ake buɗe akwatuna ana salati. Ruwan Agusta ya wuce, an ɗauko takalmin zuwa biki ko jakar da ta zo cikin lefe, sai a tarar fari-fari ko kore-kore ya lulluɓe ta, ga warin rima. Yawancinmu tsumma muke jiƙawa mu goge, mu mayar inda take, bayan mako biyu abin ya dawo. Dalili kuwa, fumfuna abu ne mai rai. Danshi take so, abincinta kuma gumi da dauɗa da man da ke jikin fata. Da zarar laimar iska ta kai wajen kashi 70 cikin ɗari a wurin da iska ba ta zagayawa, ta samu gida.

Mu ɗauki jaka irin ta dukawan Kano da ake samu a Kasuwar Kurmi, jar fatar akuya da aka jeme da bagaruwa, wadda aka ƙulle a leda cikin akwati jingine da bango tun farkon damina. Kafin komai a tabbatar fumfunar ce. Wani lokaci man cikin fata ne ke fitowa ya daskare fari. A ɗan murza da yatsa: in ya narke ya ɓace, kuma babu wari, mai ne. Fumfuna tana da gashi-gashi, tana fitowa tabo-tabo, kuma hanci ba ya ɓatan ta.

A fita da jakar tsakar gida, a rufe hanci da takunkumi, musamman mai asma, don ƙurar da ke tashi ita ce irin fumfunar. A zazzage komai, a buɗe bakinta a inuwa inda iska ke kaɗawa har ta bushe, sannan a kakkaɓe da burushi mai laushi, a bi ɗinki da lungunan aljihu da tsohon burushin haƙori. Wanda ya fara da ruwa tura fumfunar yake yi cikin ƙofofin fata.

Sai a haɗa sifirit na kemis da ruwa daidai wa daida, misali cokali 3 na wannan, cokali 3 na wancan. A fara gwadawa a ƙasan jakar da farin ƙyalle. In ja ya biyo ƙyallen sosai, rinin ba zai jure ba, sai a ƙara ruwa, a riƙa dangwalawa maimakon gogewa. In bai biyo ba, a matse ƙyallen tsaf a shafe jakar duka, ciki da waje, domin shafa tabon kaɗai yakan bar shata. Wasu ruwan kal suke sawa, shi ma yana aiki, amma a kiyaye shi daga maɓalli ko zoben ƙarfe mai tsatsa. Ƙarfe in ya haɗu da fatar bagaruwa mai laima baƙi yake yi, baƙin da ke da wuyar fita. Bilic kuwa kada a kusanta, yana cin launi, yana cin fatar.

A cusa takarda a ciki don kada ta lotse, a bar ta kwana ɗaya ko biyu a inuwa. Zafin rana tsaka da bakin murhu suna ƙandarar da fata har ta tsage. Sifirit ya ɗebe mai, ga hunturu tafe, don haka in ta bushe sarai a shafa man fata ko ɗan man kaɗanya, kaɗan ƙwarai, a goge ragowar. In ya yi yawa an sake girka wa fumfuna abinci. Takalmi ma haka ne, sai dai a cire shimfiɗar ciki a shanya daban, a kai ƙyallen har wajen yatsu inda gumi ke taruwa. Takalmi mai fata gashi-gashi kuwa ba a sa masa mai, burushi ne maganinsa.

Akwai inda aikin ke tsayawa. In ɗigo-ɗigon baƙi ya rage bayan an gama, tabon ya shiga jiki, sai baduku ya sake rini. In an lanƙwasa fatar tana dagargajewa, ta riga ta mutu.

Babban aikin yana ga ma'ajiyar. A goge akwatin da sifirit, shi kam a shanya shi a rana, a janye shi daga bango, a ɗora kan katako. A yar da ledar, a sa jakar cikin tsohuwar rigar filo ta auduga, tare da gawayi ƙunshe a ƙyalle ko 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ke zuwa a kwalin sabon takalmi. In damina ta dawo, duk mako biyu a fito da kaya su sha iska, kuma kada a ajiye takalmi ranar da aka cire shi daga ƙafa.