Gudu da 0-1-0 ba sa tafiya tare

Maganata yau da masu tashi tirenin ce: masu zagaye filin makaranta da asuba, masu zuwa filin wasa na Jolly Nyame da yamma, da masu burin a ɗauke su tawagar NUGA. Rubutun yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku kai ƙarshe.

Duk ɗalibi ya san 0-1-0 da 1-0-1, wato yadda muke tsallake abinci idan aljihu ya yi sanyi. Wanda lakca da hostal kawai yake yi, zai ɗan rame ya wuce. Amma wanda ya haɗa wannan cin da gudun kilomita goma, jikinsa bashi yake ci, kuma daga ƙashi da sinadaran homon yake cirowa. Tun 1992 likitocin wasanni a Amurka suka bayyana matsalar a jikin mata. A 2014 Kwamitin Olamfik na Duniya ya sa mata suna RED-S, ya ce maza ma tana kama su.

Lissafin ba wuya. Ka ɗauki kalorin da ka ci a rana, ka cire wanda tirenin ya ƙona. Ragowar shi ne abin da zuciya, ƙwaƙwalwa, ƙashi da sauran gaɓoɓi za su raba. Sai ka raba shi da nauyin jikinka ban da kitse. Idan ya kai kusan 45 a kowane kilo, jiki ya wadata. Binciken Anne Loucks a kan mata ya nuna idan ya sauka ƙasa da 30, cikin kwana biyar kacal sinadaran da ke tafiyar da al'ada suke fara rikicewa.

Na taɓa zama na yi wannan lissafin da wata ƙanwata a makaranta, 'yar aji biyu, mai gudun dogon zango. Nauyinta kilo 55, muka ƙiyasta kitsenta kashi 20 cikin ɗari, saura kilo 44 ke nan. Da safe shayi da burodi, da rana taliyar leda guda da ƙwai, da dare shinkafa da wake. Duka-duka wajen kalori 1,800. Gudunta na kullum yana cin kamar 600. Saura 1,200. Raba da 44, ya ba mu 27. Ta zuba min ido ta ce, "Anti, ai sau uku nake ci, kuma ban rame ba."

Nan ne tarkon yake. Sikeli ba lallai ya nuna komai ba, domin jiki idan ya ga shigowa ta ragu, sai ya rage kashewa. Kamar gidan da albashi ya daina isa ne: ba a fara daina cefane ba, gyaran rufi ake fara ɗagawa. Jiki ma zuciya da numfashi yake karewa, ya ajiye harkar haihuwa da gyaran ƙashi gefe. Nauyi yana nan, amma rufin yana yoyo.

A wajen mata, alamar da ta fi fitowa fili ita ce al'ada. Ta fara jinkiri, ta ragu, sannan ta ɗauke. Ita ƙanwar tawa wata huɗu ba ta gani ba, har murna take yi wai ta huta da ciwon mara, kuma ƙawayenta sun ce mata haka 'yan wasa suke. Ba haka ba ne. Wata uku a jere babu al'ada, ko yarinya ta kai shekara 15 ba ta fara ba, magana ce ta ganin likita.

Maza ba ku da wannan ƙararrawar ta wata-wata, shi ya sa naku ya fi ɓuya. Abin da ke sauka a jikinku shi ne testostiron. Alamarsa, ba kunya a neman lafiya: sha'awa ta ragu, miƙewar gaba da aka saba gani da asuba ta yi ƙaranci ko ta daina. Adadin nan na 30 daga binciken mata aka samo shi, jikin namiji yana iya jure ƙasa da haka kaɗan, amma ƙarshen hanyar ɗaya ne.

Akwai kuma alamun da kowa ke samu: gajiyar da barci ba ya magancewa, jin sanyi alhali kowa na fifita a zafin Jalingo, mura a kai a kai, cushewar ciki, saurin fushi, da tirenin da ake ƙarawa amma gudu yana raguwa. Mu nan da an ji kasala sai a ce maleriya ko taifod, a wuce kemis. A yi gwaji, ba laifi. Amma idan gwaji ya fito babu komai, a tambayi kwanon abinci.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ƙashi. Ƙashi rayayye ne, kullum ana rushe tsoho ana gina sabo. Istirojin a jikin mace shi ke taka wa rushewar birki. Idan ya sauka, rushewa ta fi gini. A 1984 Barbara Drinkwater ta auna 'yan wasa mata da al'adarsu ta ɗauke, masu shekara wajen 25, ta samu ƙarfin ƙashin bayansu ya yi daidai da na matan da suka kai 51. Da aka ci gaba da bibiya, dawowar al'ada ta ƙara ƙashin, amma bai cike gurbin duka ba. Dalili shi ne yawancin ƙashin da mutum zai rayu da shi ana tara shi ne kafin shekara 20, a ƙarasa kafin 30. Daidai shekarunmu na jami'a ke nan.

Gargaɗin farko yakan zo a ƙwauri ko saman ƙafa: ciwo a wuri ɗaya da za ka iya nunawa da yatsa, yana ƙaruwa da gudu, ba tare da ka faɗi ba. Wataƙila tsagewar ƙashi ce, ba targaɗe ba, kuma man zafi ba ya ɗinke ta. Mary Cain, wadda ta yi fice a gudu a Amurka tun tana sakandare, ta bayyana a 2019 cewa matsin rage nauyi ya sa ta yi shekara uku babu al'ada, ƙasusuwanta biyar suka karye.

To mene ne gyara? Mu koma lissafin ƙanwata. Don ta kai 45, tana buƙatar 45 sau 44, wato 1,980, a ƙara 600 na gudu, ya zama 2,580. Giɓin kusan 780 ne. Tafin hannu biyu na gyaɗa wajen 340 ne, ƙwai biyu 150, kofin nono 150, ayaba ɗaya 100. Ga shi an kusa cikewa ba tare da an je gidan abinci mai tsada ba. A ci wani abu kafin fita, a ci cikin awa ɗaya bayan an dawo. Satin da kuɗi ya ƙare, a rage tirenin, tunda lissafin ta ɓangare biyu ake gyara shi.

Abu biyu na kiyayewa. Na ɗaya, ƙwayar tsarin iyali tana kawo jini duk wata, amma ba al'ada ta gaskiya ba ce. Tana rufe alamar ne, ba ta gyara ƙashin ba. Na biyu, kar wata ta yanke wa kanta hukunci. Ciki, matsalar maƙoƙo da ta ƙwan mace duk suna ɗauke al'ada, likita ne zai tantance. Wanda kuma tsoron ƙiba ne ke hana shi ci, ba rashin kuɗi ba, gyaɗa ba za ta wadatar ba, yana buƙatar taimakon likita.

Dawowar al'ada takan ɗauki watanni, ƙashi kuma shekaru. Don haka kyaftin-kyaftin da masu horarwa, idan ɗan wasanku ya yawaita rauni, ku tambaye shi me ya ci jiya kafin ku ce masa rago. Ku tura wa na kusa da ku da ke tirenin. Allah ya ƙara mana lafiya.