Layi ɗaya a shafi na biyu

Rijiyar burtsatsen da ƙungiyarmu ta haƙa a wani ƙauye na mazaɓar Kaikai, cikin ƙaramar hukumar Kusada, ta yi mako uku tana ba da ruwa, sai famfon ya ƙone. Mutane sun ɗora wa mai haƙa laifi, wasu suka ce kayan jabu aka sayo. Ni na san inda ɓarnar ta fara. Ta fara ne a rahoton da na rubuta da hannuna.

Ni ne sakataren kwamiti, ni ke tsaye a wurin aiki. Jagoran aikin dattijo ne ɗan garin, ma'aikaci a Kaduna, ba ya zuwa gida sai wata-wata. Abin da na rubuta masa shi ne idonsa, kuma da shi yake sakin kuɗi.

An kawo injin haƙa a farkon Oktoba, damina ta ɗauke ke nan. Aka nutsa mita 60. Da mai haƙa ya hura iska cikin ramin don wanke shi, ruwa ya yi tsiri sama, yara suka yi ta sowa, mata suka rangaɗa guɗa. A daren nan na zauna na cika shafi biyu. Na fara da godiya, na ba da labarin yadda motar ta kafe a yashi bayan mun sauka daga titin Yashe, na lissafa bututu da tsakuwa da siminti, sannan na ce an haƙa rijiya, an samu ruwa mai yawa, aiki ya kai kashi 80 cikin ɗari. Can tsakiyar shafi na biyu, tsakanin kuɗin abincin leburori da gaisuwar mai gari, na sa layi ɗaya: "Gwajin ruwa kuma za a yi in an samu janareto."

Ban yi ƙarya ko ɗaya ba. Amma na zuba abin da aka gama, da abin da ake tsoro, da abin da ya rage cikin ƙwarya guda na dama su, har wanda ya sha ba zai bambance ba.

Ga abin da na sani a lokacin, ban kuma faɗa ba. Ƙasarmu ta Kankiya da Kusada a kan dutse take zaune. Ba kamar yankin Sakkwato ba ne, inda ruwa ke kwance cikin shimfiɗar yashi mai kauri. A nan ruwan yana maƙale ne a ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma cikin tsagogin na ƙasa, shi ya sa rijiyoyi biyu a unguwa ɗaya sai ka ga ɗaya ta wadata, ɗaya tana ɗiga. Tsirin da aka gani ranar haƙa ba awo ba ne. Awo shi ne a zura famfon gwaji, a yi ta jan ruwa na awoyi masu yawa ba tsayawa, ana auna lita nawa ke fita da yadda ruwan ke sauka a ramin, sannan a kashe a ga minti nawa zai ɗauka ya dawo inda yake. Kuma rijiyar da aka haƙa a Oktoba ta samu ƙasa a ƙoshe. Gaskiyarta sai Maris da Afrilu, lokacin da bazara ta tsotse komai.

Alhaji, jagoran namu, ya karanta "ruwa mai yawa" da "kashi 80", ya yi lissafin da kowane mai hankali zai yi. Tankinmu lita 10,000 ne. Ranar da ke da ƙarfin tuƙa famfo kamar awa shida ce a yini. Don tanki ya cika ana bukatar kusan lita 1,700 a awa, sai ya sayi famfo mai jan lita 2,000 da farantan sola daidai da shi, ya aiko daga Kano. Da kaya suka iso, maganar gwaji ta bi ruwa. Wa zai ɗauko hayar janareto alhali ga famfo a hannu? Ni ma da na rubuta layin ban sake tayar da shi ba, saboda ba sunan kowa a jikinsa, ba rana.

Ginin hasumiyar tanki ya ja mu har ƙarshen Fabrairu kafin a kunna. Tun makon farko alamun suka bayyana. Ruwa zai zo da ƙarfi na kamar rabin awa, sai bututu ya fara tari yana tofar da iska, ya yi shiru, can ya dawo da ɗan laka. Ma'anarsa famfo ya zuƙe ramin har ya kai bakinsa. Irin wannan famfo ruwan da ke ratsa shi ne ke sanyaya injinsa, mu kuwa ba mu sa masa na'urar da ke kashe shi in ruwa ya yanke ba. Da aka yi gwajin daga baya, rijiyar lita 800 take iya bayarwa a awa.

Da famfon ya ƙone, Alhaji ya zo da takardar rahoton a aljihu. Bai ɗaga murya ba. Ya shimfiɗa ta a tabarma ya ce, "Malam, nuna mini inda ka ce kada in sayi famfo." Na nuna masa layin. Ya ce, "Wannan ai labari ka ba ni. Ba ka ce in tsaya ba." Na ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe."

Rahoton da na rubuta bayan nan shafi ɗaya ne, kashi uku, kowanne da kansa. A kashin abin da aka gama ban sa komai ba sai wanda zan iya aza hannu a kai: rami mita 60, an zura bututu, an zuba tsakuwa, an toshe bakin da siminti, ga rasit. Na daina rubuta kashi kaza cikin ɗari, domin kashi 80 ɗin nan kuɗin da aka kashe na auna, ba ruwan da za a sha ba. Abin da aka biya kuɗinsa amma bai iso ba, ko aka yi shi ba a gwada ba, ba ya shiga nan.

Kashin haɗari shi ya fi ba ni wuya, don mutum ba ya son ya zama mai kawo mugun labari ga wanda ya amince da shi. Na koyi rubuta kowane haɗari da gaɓoɓi uku: abin da ba mu sani ba, abin da zai faru in ya ɓaci, da shawarar da ke jiran jagora. Da a Oktoba na yi haka, da ga abin da Alhaji zai karanta: "Ba mu san lita nawa rijiyar ke bayarwa ba. In ta gaza 1,700 a awa, babban famfo zai zuƙe ta ya ƙone. Kada a sayi famfo ko farantai sai sakamakon gwaji ya zo." Jimla uku, kuma a saman takarda, inda ido zai fara sauka ko da a waya yake karantawa cikin mota.

Kashi na uku kuwa kowane aiki da mai yinsa da ranarsa. "Za a yi gwaji" ya koma "Ni zan ɗauko janareto daga Kankiya ranar Talata, mai haƙa zai zo da famfon gwaji, sakamako zai same ka ranar Alhamis."

Mun sayi ƙaramin famfo mai jan lita 700 a awa, da na'urar kariyarsa. A yini yana tara kamar lita 4,200, wato jarka 168 masu cin lita 25, tanki ba ya kaiwa rabi. Kuɗinsa daga kason da aka ware don jan bututu zuwa makarantar firamare aka cire, saboda haka har yau yaran can da bokiti suke zuwa bakin tanki kafin a shiga aji.