Ranar da ƙugiyoyinmu suka ɓace

Wata uku muka yi muna tattara labaran masunta daga Shanga zuwa Yauri. Da muka zuba su a rumbun ajiyar bayanai na MySQL muka buɗe shafinmu, sai muka ga "ƙasa" ta koma "?asa", a wasu labaran kuma "Æ™asa".

Ashe cutar iri biyu ce. Inda Æ™ ta bayyana, harafin yana nan da ransa. Tsarin UTF-8 yana ajiye ƙ a bayit 2, shafin ne ya karanta kowanne a matsayin harafi daban. Layi ɗaya a saman shafin ya warkar da shi:

```html
<meta charset="utf-8">
```

Alamar tambayar ce ta sa mu kuka. Wani teburinmu yana kan latin1, wanda bai san ɓ, ɗ da ƙ ba, don haka tun wajen ajiya ya musanya su da "?". Babu gyara. Sai da muka koma littattafanmu na hannu muka sake bugawa.

Yanzu teburanmu da hanyar shigarsu duk suna kan utf8mb4. Kuma kafin mu ajiye labari, 'yan uwa, sai mun fara tura "ɗan ƙaramin ɓera". In ya dawo lafiya, sauran su biyo.