Albarka Ka Roƙa, Albarka Aka Ba Ka

Jikana ya zo mini a makon jiya yana murna, ya ce ya kammala wani ɗan littafi a kan tarihin unguwarmu, ya aika wa mutum kusan hamsin ta wayar hannu yana cewa, "Ga shi nan, yaya kuka gani?" kuma duk wanda ya amsa, amsarsa ba ta wuce "Masha Allah" da "Allah ya ƙara basira" ba. Da na tambaye shi ko a cikin hamsin ɗin akwai wanda ya ambaci shafi guda, ko sunan mai unguwa guda, ko shekara guda da ya yi shakkarta, sai ya yi shiru. Shirun nan ya mayar da ni shekarar 1968, wadda a cikinta na yi irin wannan kuskure, da bambanci ɗaya: nawa ya ci haƙƙin mata biyu waɗanda har yau ban taɓa ganin fuskokinsu ba.

A lokacin ina malamin makaranta, ina kuma zuwa zaure da almuru ina ɗaukar Risala ta Ibn Abi Zaid, kuma da muka kai babin fara'ili sai na ga cewa mutanen da suka koyi boko a ajin Yaƙi da Jahilci ba su da wani abu a hannunsu da zai bayyana musu rabon gado da harshensu. Na zauna wata bakwai na rubuta shafi arba'in, na kai wa malamina, na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, ga ɗan abin da almajirinka ya tattara, a duba a sa albarka." Ya karɓa, ya jujjuya, ya ajiye shi kwana uku a gefen buzunsa, sa'an nan ya mayar mini da shi tare da addu'a mai tsawo da layi huɗu na yabo da hannunsa. Na ɗauka ke nan an tace. Na kai maɗaba'a aka buga guda dubu.

Ga abin da ke shafi na 23. Mace ta rasu ba ta bar ɗa ba, ba ta bar iyaye ba, ta bar miji da shaƙiƙai mata biyu, dukiyarta kuwa fam 42. Miji yana da nusufi, 'yan'uwan biyu suna da sulusi biyu, kamar yadda yake a Suratun Nisa'i. Asalin mas'alar shida ne: miji kashi uku, mata kashi huɗu, jimla bakwai, wato rabon ya fi asali yawa. Hukuncin irin wannan shi ne auli, wanda aka ruwaito cewa an fara aiki da shi a zamanin Sayyidina Umar: a raba dukiyar bakwai maimakon shida domin ragin ya shafi kowa gwargwadon rabonsa, kowane kashi ya zama fam 6, miji ya sami fam 18, kowace 'yar'uwa fam 12. Ni kuwa, saboda gaggawa da ƙarancin sani, sai na ba miji rabi cif, fam 21, na bar wa matan abin da ya saura, fam goma da sule goma kowacce. Bayan shekara guda wani alƙali ya aiko mini da takarda cewa a wani ƙauye an raba gado da littafina a kan mas'ala irin wannan, kuma sai da maganar ta zo gabansa aka gane.

Na koma wurin Malam zuciyata a ƙuntace, ina jin kamar yana da kaso a cikin laifin. Abin da ya faɗa mini ban manta ba: "Ɗana, albarka ka roƙa, albarka na ba ka. Da ka ce in lissafa maka mas'alolin, da na lissafa." Na daɗe ina ganin amsar nan ta yi tsauri, kuma har yanzu wani lokaci nakan ce a raina ai malami ba ya jiran a tambaye shi kafin ya tsare hukuncin Allah. Amma in an bi gaskiya, ni ne na zo da littafin a ɗinke, da rubutu mai tsabta wanda ba shi da ko gefen da za a sa alƙalami, da fuskar wanda ya gama, kuma mutumin ƙasar nan, wanda aka rene shi da kara da kunya, ba ya kallon mai irin wannan fuska ya ce masa aikinsa da gyara. Magabata sun raba abubuwa biyu da muka cakuɗa. Akwai taƙarizi, wato yabon da babban malami yake rubuta wa littafi domin a karɓe shi, akwai kuma muƙabala, inda mutum biyu za su zauna, ɗaya yana karanta kwafi ɗaya yana bin asali da yatsa, kalma bayan kalma. Na nemi na farko, na yi zaton an yi mini na biyu.

Da na tashi sake buga littafin a 1975, bayan an koma naira, sai na sauya hanya gaba ɗaya, kuma ita ce nake so jikana da tsararrakinsa su ji. Mutum uku kawai na nema, kowanne da abin da na roƙe shi, domin wanda ya san fiƙihu ba shi ne zai gaya maka inda talaka zai ruɗe ba. Na farko shi ne alƙalin nan da ya kama kuskurena, wanda ban aika masa littafin ba ma tukuna. Na kwafe mas'aloli goma sha biyu a takarda dabam, ba tare da amsoshina ba, na rubuta masa cewa, "Allah ya gafarta Malam, ina roƙo a raba waɗannan kamar an kawo su gaban shari'a, a rubuta asalin kowace mas'ala da rabon kowa; idan sun dawo zan gwada da nawa, kuma mai buga littafi yana jirana ranar ɗaya ga watan gobe." Hikimar ɓoye amsa ita ce, idon da ya ga lissafi a rubuce yakan bi shi ya wuce, amma hannun da aka tilasta wa yin lissafin da kansa ba ya iya yin kara. Goma sha ɗaya suka dace, ɗaya ta saɓa, kuma a wannan karon ma shi ne mai gaskiya. Sa'an nan na aika masa da littafin, na sa lamba a kowane sakin layi, na bar fili mai faɗin yatsu uku a gefe, na tambaye shi abu guda: wace mas'ala ce take yawan zuwa gabanka wadda babu irinta a nan? Ya amsa cewa asalai uku ne suke yin auli, shida da goma sha biyu da ashirin da huɗu, ni kuwa na shida kaɗai na kawo, kuma ya ce in ƙara wadda ake kira Minbariyya, ta mata da 'ya'ya mata biyu da uwa da uba, inda 24 take komawa 27.

Na biyu wani tela ne a bakin kasuwa, wanda bokonsa na ajin dare ne, kuma irinsa na rubuta wa littafin tun farko. Da na ce masa "Ka gane?" da ya ce "Na gane, Malam," domin babu dattijon da zai yarda a gaban malamin makaranta cewa karatu ya fi ƙarfinsa. Sai na roƙe shi ya karanta da ƙarfi, ni ina gefe da fensir, ban ce uffan ba, duk inda ya tsaya ko ya maimaita layi in sa ɗigo. Ɗigo suka taru a kan kalmar asaba da kalmar hajabu, waɗanda ni na saba da su har na manta cewa ba a kasuwa ake jin su ba. Bayan haka na ba shi aiki: mutum ya rasu ya bar mata da ɗa namiji da 'ya mace da naira 240, ka raba da littafin nan. Ya ba matar rubu'i, naira 60, alhali sumuni ne nata, naira 30, ɗan ya ɗauki 140, 'yar 70. Na kusa in ce ai na rubuta sharaɗin, sai na kama bakina na duba, na tarar rubu'i yana ƙasan shafi, sharaɗin rashin ɗa kuwa yana bayan shafin, sai an juya. Kame bakin nan shi ne mafi wuya a duk al'amarin, domin da zarar ka fara kare kanka mai dubawa zai janye ya ce haka ne, kuma ba za ka bi kowane kwafi zuwa ƙauye kana yi masa sharhi ba.

Na uku abokin aikina ne, wanda na ce masa kada ya taɓa hukunci ko tsari, ya bi ƙa'idar rubutu kawai, ƙugiyar ƙa da ɗa da ɓa, da rabon kalmomi, da lambobin da mai keken rubutu zai iya juyawa. Ya kamata mutum ya faɗi abin da ba zai sake ba kamar yadda yake faɗin abin da yake so a duba, domin zalunci ne ka bar ɗan'uwanka ya kwana yana shawarar sauya babi alhali kuɗin takardarka ba zai ɗauki ƙarin shafi ba.

Yaran yanzu suna da sauƙin da ba mu samu ba, amma sun mai da shi hanyar tara yabo. Wanda ya san an aika wa mutum hamsin ya san nauyin ba a kansa yake ba, kowa yana dogara da cewa wani zai karanta, a ƙarshe babu wanda ya wuce shafin farko. Su kuma masu amsawa ba na wanke su, domin addu'ar da aka yi don a huta da karatu ba nasiha ba ce, kuma Musulmi yana bin ɗan'uwansa bashin nasiha ko bai iya roƙonta ba. Na san wannan ya saɓa wa abin da na faɗa a kan malamina, kuma na bar su duka biyun a yadda suke, domin shekara hamsin da wani abu ban iya yanke hukunci a tsakaninsu ba.

Tambaya mai iyaka ma tana da nata makanta. Duk mutum ukun nan sun amsa abin da na tambaya da kyau, amma uwargidana, wadda ban tambaye ta kome ba, ita ce ta ji ana karantawa ta ce, "Malam, duk misalanka kuɗi ne a ƙirge, mu kuwa gida da gona da akuya ake bari, wa zai yi musu kima?" Babu ko layi ɗaya a kan wannan a cikin littafin. Tun daga ranar nake rufe kowace takardar roƙo da tambayar abin da ya kamata in tambaya ban tambaya ba.

Jikana na ce masa ya ware shekaru da sunayen masu unguwa a takarda guda, ya kai wa limamin masallacinmu da wata tsohuwa ta gidan rini, kowanne shi kaɗai, ya roƙe su su jero masa sunayen daga ka kafin ya nuna musu nasa jerin. Ya tafi jiya da hantsi, ya dawo da la'asar yana cewa sun saɓa wa juna a kan mai unguwa na uku, kuma dukansu sun saɓa masa, sai na ba shi fensirina na ce gobe ya koma ya tambayi kowannensu daga bakin wa ya ji.